Ranar da Malam ya ce in juya maganaɗisun

A shekarar da na fara karatun fiziks na kwantam, akwai wata jimla da ta zauna mini a baki, har ina koya wa abokan karatuna ita da cikakken yaƙini. Ina cewa, kafin a auna, ƙwayar tana cikin ɗaya daga cikin hali biyun, mu ne dai ba mu san wanne ba. A ganina a lokacin, sufafozishan, wato kasancewar ƙwaya kamar atam cikin hali biyu a haɗe, wanda zan riƙa kira haɗaka a nan, ba komai ba ne illa tsabar kuɗi da aka wurga aka rufe da tafin hannu. Fuska ɗaya ta riga ta kalli sama, buɗe hannu ne kawai ya rage. Wannan fahimta ta kai ni nesa ba tare da ta ba ni kunya ba, domin yawancin tambayoyin farko suna ba da amsa daidai ko da ita aka bi. Wani aikin gida guda ɗaya ne ya warware mini ita.

Aikin ya ginu ne a kan gwajin da Otto Stern da Walther Gerlach suka yi a Frankfurt a shekarar 1922. Sun dafa azurfa a cikin tanderu har atam ɗinta suka riƙa fita ta wata 'yar kafa, suka bi da su ta tsakanin maganaɗisun da ƙarfinsa bai zama ɗaya a ko'ina ba, sannan suka tare su a kan gilashi. Atam ɗin azurfa yana da ilektaron 47, kuma ɗaya daga ciki, na can waje, ba shi da abokin haɗi, shi ya sa atam ɗin gaba ɗaya yake zama kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu. Da tsohon lissafin fiziks na kafin kwantam ne, da sai a ga tabo guda mai faɗi a kan gilashin. Sai ga shi ya rabu gida biyu. A yau muna cewa sifin ɗin ilektaron, wato siffar da ke sa shi zama kamar ɗan maganaɗisu, idan aka auna shi ta layin z, wato layin tsaye, amsa biyu kawai yake bayarwa, sama ko ƙasa. Idan aka kwantar da maganaɗisun aka auna ta layin x, nan ma amsa biyu ce, dama ko hagu.

Malaminmu ya ba mu akwati biyu a takarda. Akwatin A yana fitar da atam da kowannensu yake cikin wannan hali, inda ↑ yake nufin sifin sama, ↓ kuma sifin ƙasa:

```
|ψ⟩ = (|↑⟩ + |↓⟩)/√2
```

A akwatin B kuwa, akwai mutum a ciki yana wurga tsabar kuɗi, idan ta faɗi ta wannan fuska ya turo atam mai sifin sama, idan ta faɗi ta waccan ya turo mai sifin ƙasa. Tambayar ita ce, ko akwai gwajin da zai bambanta su? Na lissafa awon z. A akwatin A, ƙa'idar da Max Born ya kawo a 1926 ta ce a ɗauki lambar da ke gaban kowane hali, wato amfilitud, a ninka girmanta da kansa. 1/√2 sau 1/√2 ya ba da rabi. Rabi sama, rabi ƙasa. Akwatin B ma rabi da rabi. Na rubuta cewa babu bambanci, na miƙa takarda hankalina kwance.

Da takardar ta dawo, babu dogon gyara a kanta. Layi ɗaya ne da jan biro a gefe: "Ta z kaɗai ka auna. Juya maganaɗisun." Na bi shi bayan darasi na ce, "Malam, ai ko an juya, rabi da rabi ne zai fito." Ya miƙo mini alli ya ce, "To, nuna mini a allo."

Ga abin da ya fito a allon, kuma har yau ina iya ganin inda hannuna ya tsaya. A akwatin B abin ba wuya. Atam mai sifin sama, idan aka auna shi ta x, yiwuwar ya tafi dama rabi ce. Mai sifin ƙasa ma haka. Tunda kowane atam ko dai wannan ne ko wancan, yiwuwa ake tarawa: rabin rabi a tara da rabin rabi, ya zama rabi. Rabin atam ɗin su tafi dama, rabi hagu. A akwatin A kuwa, doka ta ce amfilitud ake fara tarawa, sai daga baya a ninka. Halin dama da halin hagu ana rubuta su haka:

```
|→⟩ = (|↑⟩ + |↓⟩)/√2
|←⟩ = (|↑⟩ − |↓⟩)/√2
```

Amfilitud ɗin tafiya dama ya zama 1/2 daga ɓangaren sama, a tara da 1/2 daga ɓangaren ƙasa, jimla 1. Na tafiya hagu kuwa 1/2 ne a cire 1/2, saboda alamar cirewar nan da ke cikin halin hagu. Sifiri. Babu atam ko ɗaya daga akwatin A da zai tafi hagu. Sai a lokacin idona ya faɗa kan abin da yake gabana tun farko: halin da Malam ya ba mu a akwatin A shi ne halin dama, harafi da harafi.

Wannan sifirin shi ya kashe jimlata. Da a ce kowane atam na akwatin A a ɓoye sama ne ko ƙasa, da dole rabinsu su tafi hagu, domin sama yana zuwa hagu rabin lokaci, ƙasa ma haka. Rashin sani ba ya sa hanyoyi biyu su soke juna. Tsabar kuɗin da ke ƙarƙashin tafin hannu ba ta da alamar tarawa ko cirewa tsakanin fuskokinta, amma haɗaka tana da ita, kuma alamar nan abu ce da ake iya aunawa. Canza tarawa zuwa cirewa, duk atam ɗin su koma hagu, alhali awon z bai ga wani canji ba ko kaɗan. Na kuma gane cewa haɗaka ba wani hali ne mai hazo-hazo ba. Atam ɗin akwatin A yana da tabbataccen hali, sifinsa na kallon dama. Sai an tambaye shi da harshen z ne yake zama haɗakar abu biyu.

Daga baya muka koyi rubuta wannan da matiriks ɗin hali, wanda John von Neumann ya gabatar a 1927, kuma a nan ne bambancin ya fito fili a ido:

```
ρ_A = 1/2 [[1, 1],
           [1, 1]]
ρ_B = 1/2 [[1, 0],
           [0, 1]]
```

Lambobin da suka gangaro daga kusurwar hagu ta sama zuwa ta dama ta ƙasa iri ɗaya ne a duka biyun, kuma su kaɗai awon z yake gani. Shi ya sa na ruɗu. Bambancin yana cikin sauran kusurwa biyun. Akwai ma gajeriyar hanyar ganewa: `Tr(ρ²)`, wato a ninka matiriks ɗin da kansa sannan a tara lambobin da suka gangaro daga kusurwar hagu ta sama, yana ba da 1 ga akwatin A, ya ba da 1/2 ga akwatin B. Duk hali tsantsa 1 yake bayarwa, cakuda kuwa ƙasa da 1.

Ta wannan ƙofa ce na fara fahimtar ruftawar hali, abin da a da nake haddace shi kawai. Ƙa'idar awo ta ce idan ka auna z ka samu sama, to daga wannan lokacin halin atam ɗin sama ne, tsohon halin ya tafi. Sake auna z nan take, sama za ka sake samu, ko sau nawa. Amma ka tsoma awon x a tsakani, ka zaɓi waɗanda suka tafi dama, ka mayar da su awon z, sai ka ga rabinsu sun fito ƙasa, duk da cewa ka riga ka tace masu ƙasa tun farko. A da ina ɗaukar awo kamar buɗe tafin hannu, sai ga shi yana sauya abin da aka auna.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tambayar da Malam ya ƙara a ranar, muna tsaye a gaban allon. Ya ce, "Idan ka auna z a kan atam ɗin akwatin A, na'urar ta rubuta sakamakon, amma ba wanda ya duba, sannan ka kai su awon x, me za ka gani?" Na yi shiru na ɗan lokaci kafin na ce rabi da rabi. Kowane atam ya riga ya rufta zuwa sama ko ƙasa, mu kuma ba mu san wanne ba, wato akwatin A ya koma akwatin B. Lambobin kusurwa biyun sun zama sifiri. Jimlar da nake ta faɗa gaskiya ce, amma bayan awo take aiki, ni kuma na ɗora ta a kan kafin awo. Kuma ba idon mutum ne ke yin aikin ba. Da zarar labarin hanyar da atam ya bi ya shiga wani abu dabam, ko na'ura ce, ko ƙwayar iska da ta buge shi, ko ɗigon haske da ya fallatsa daga jikinsa, lambobin kusurwar suna dusashewa ga mai auna atam ɗin shi kaɗai. Wannan ne babban abin da masu ƙera kwamfutar kwantam suke fama da shi, domin haɗakarsu tana zamewa ta koma cakuda tun ba su gama lissafi ba.

Ina ganin ya kamata a riƙa gaya wa ɗalibai iyakar wannan bayani tun da wuri. Dusashewar lambobin kusurwa tana bayyana dalilin da sokewar juna ke ɓacewa. Ba ta bayyana dalilin da ya sa wannan atam ɗin, a wannan karon, ya fito sama ba ƙasa ba. Ƙa'idar awo ta ba da yiwuwa, ta ba da halin bayan awo, ta tsaya a nan, kuma a kan wannan gaɓar ce masana suke da saɓani har yau.

A aikace kuma atam ɗaya ba ya wadatarwa. Idan ya tafi hagu a awon x, an gama, ba daga akwatin A ya fito ba. Idan ya tafi dama, bai faɗi komai sosai ba, tunda na akwatin B ma suna yin haka rabin lokaci. Sai an jera su. Atam goma a jere duk su tafi dama, yiwuwar haka daga akwatin B ɗaya ce cikin 1024.

Da na ɗauka na kama zaren, sai na ƙirƙiri akwati na uku da kaina don in gwada fahimtata. A akwatin C, mai wurga tsabar kuɗin yana turo dama ko hagu maimakon sama ko ƙasa. Na yi tsammanin awon x zai raba shi da akwatin B. Na rubuta matiriks ɗin dama, na rubuta na hagu, na ɗauki rabin kowanne na tara. Sauran kusurwa biyun na matiriks ɗin dama suna da +1/2, na matiriks ɗin hagu suna da −1/2, suka soke juna, abin da ya rage shi ne `ρ_B` daidai. Na kai wa Malam takardar washegari na ce ina jin na yi kuskure a wani wuri. Ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ya ce babu kuskure, ko ta wace fuska aka juya maganaɗisun, B da C rabi da rabi za su bayar, kuma babu awon da za a yi a kan atam ɗin da zai faɗi wanne akwati ne ya turo su.