Sikelin da Ba Ya Canza Magana

Tun da likita ya ce in riƙa lura da nauyina saboda ciwon suga, na sayi sikelin banɗaki mai allura a Babbar Kasuwar Katsina. Duk safiya kafin karin kumallo sai in hau. In sauka, in sake hawa, allura na nan a kan kilo 68, ba ta gaba ba ta baya. Wannan tsayuwa kan magana ɗaya ce ta sa na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Ranar ganin likita, sikelin asibiti ya ce 72. Wa ke da gaskiya? Ƙara hawa nawa ba zai raba gardamar ba, ko da zan wuni ina hawa ina sauka, domin abin da maimaitawa ke nunawa kawai shi ne sikelin ya yarda da kansa. Ingancin awo kuwa sai an gwada shi da abin da aka riga aka san nauyinsa.

Maƙwabcina a Ƙofar Ƙaura yana gini, sai na je na ce, "Alhaji, a ara mini buhun siminti biyu, yanzu zan dawo da su." Kowane buhu kilo 50 ne. Muka ajiye sikelin a kan daɓen siminti, don a kan darduma ko rairayi awo yakan karkace. Muka aza guntun katako, na murɗa ɗan makunnin da ke ƙasa har allura ta dawo sifili. Buhu ɗaya ya ba da 47. Da muka ɗora na biyu, 94.

Nan ne abin ya fito fili. Da matsalar daga sifili take, giɓin ba zai canza ba: kilo 3 a buhu ɗaya, kilo 3 a biyu. Amma ya ninka zuwa 6, wato sikelin yana cinye kashi 6 cikin 100 na duk abin da aka ɗora masa. Cire wannan daga 72, sai ka samu kusan 68. Kamar tiyar da aka bubbuga wa gindi ce: kullum awonta ɗaya, kullum kuma da ragi.

Ban jefar da shi ba. In nauyina ya ƙaru ko ya ragu zai nuna mini, tunda kuskurensa ba ya yawo. Wanda ke cewa 66 yanzu, 71 anjima, shi ko wannan amfanin ba shi da shi. Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali yara ne, domin magungunansu da yawa da nauyin jiki ake lissafa su. Saboda haka na hana uwargida kai wa mai magani adadin da ta gani a kansa, na kuma manna takarda a jikinsa cewa a raba abin da ya nuna da 0.94.