Sai da na riƙe cikon kuɗin sannan suka gyara mini sitikar yaji

Ina sayar da yajin ƙuli a robobi a Kano, kuma da ciniki ya fara buɗewa sai na ba wani kamfanin zane aikin tambari da sitikar da ake mannawa a jikin roba. Muka yi ciniki a kan naira 120,000, na ba da 70,000 kafin alƙalami, ragowar 50,000 sai an gama.

Kuskurena ɗaya ne, kuma har yau yana yi mini ciwo. Sun turo mini hoton zanen ta WhatsApp ina tsakiyar suya, na duba a waya, ja ya yi jajir, na rubuta musu "ya yi". Washegari na kai wannan hoton maɗaba'a aka buga mini guda 1,000 a kan naira 45,000. Da na buɗe kwalin a gida sai jikina ya mutu. Jan barkonon ya koma ruwan ƙasa. Da yawa daga cikin sitikun akwai farin layi a gefe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunan kayan: harafin Ƙ ya fito siriri a tsakiyar manyan haruffa masu kauri, kamar an aro shi daga wani gida. A waya ban lura ba, a takarda kuwa shi ido ke fara gani.

Na kira mai kamfanin cikin fushi na ce aikin bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, ai ke kika ce ya yi. A turo cikon kuɗi tukuna." Kwana huɗu muna wannan ja-in-ja babu abin da ya motsa, domin "bai yi ba" ba ta nuna wa kowa inda zai gyara.

Dattijon da ke maɗaba'ar ne ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Allon waya haske ne, yana haɗa launi da tsarin RGB, injin bugu kuma tawada huɗu yake haɗawa, wato CMYK, shi ya sa ja mai ƙyalli yake dusashewa idan ba a daidaita shi tun wajen zane ba. Farin layin kuma saboda ba su bar rarar launi a gefe ba. Wuƙar yanka ba ta sauka daidai ɗari bisa ɗari, don haka ake ƙara milimita 3 ta kowane gefe. Harafin Ƙ kuwa, salon rubutun da suka zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta cike gurbin da na wani salon.

Da wannan na zauna na rubuta saƙo, na cire duk wata baƙar magana. Na fara da amsa laifina: "Malam, na amince da zanen ban ga gwaji a takarda ba, saboda haka asarar bugu tawa ce, ba zan ɗora muku ba." Sannan na jera abin da nake so, kowanne da hoton sitikar da na zagaye wurin da biro: a sauya salon rubutu zuwa mai ɗauke da Ƙ, Ɗ da Ɓ, manya da ƙanana, a mayar da launi CMYK a buga mini gwaji ɗaya a kan irin takardar da za a yi amfani da ita, a ƙara rarar milimita 3, a bar fili na lambar NAFDAC da ranar haɗawa da ranar lalacewa, wanda muka yi magana tun farko suka manta, a kuma miƙa mini PDF na bugu tare da asalin fayil ɗin tambarin, ba hoton JPG ba. Na rufe da cewa ranar da na riƙe gwajin a hannuna na ga waɗannan sun cika, a ranar zan tura 50,000.

Sun nemi ƙarin 15,000 wai gyara ne na biyu. Na ce idan ra'ayi na sauya, kamar in ce a mayar da ja kore, zan biya, amma zanen da ba ya buguwa aiki ne da ba a gama ba. Suka yi shiru kwana biyu, rana ta uku aka kira ni in zo in ga gwaji.

Na manna shi a jikin roba, na fita da ita tsakar gida cikin rana, na karanta kowane harafi da yatsa, sannan na tura kuɗin. Tsofaffin sitikun 1,000 suna nan a kwalinsu, na kasa zubarwa.