Rubutun "wasa ne" ba ya bin hoto in ya fita daga guruf

Ƙannena masu wasan sauya fuska a hoto, ku ɗan ba ni aron kunnenku in ba ku labarin abin da na jawo wa wani abokina, don ina ganin da yawanku kuna yin daidai abin da na yi, ku tura hoto sannan ku bi shi da "wasa ne fa" ku ɗauka shikenan kun fita haƙƙi.

Mu tara ne a guruf ɗinmu na WhatsApp, duk tare muka yi makaranta. Akwai ɗayanmu da kullum muke tsokana da cewa ya fi kowa riƙon kuɗi, aikinsa kuwa kashiya ne, kuɗin mutane ke ratsa hannunsa daga safe har yamma. Wata rana da daddare na samu hoton wani mutum a intanet yana zaune kan gado an jibge bandir-bandir na kuɗi a gabansa, sai na ɗauko hoton abokin nan nawa daga furofayil ɗinsa na sa a manhajar sauya fuska, ko minti biyu ba a yi ba ta fito min da shi zaune a gaban kuɗin nan kamar gaske. Na tura guruf ba tare da rubutun komai a ƙarƙashinsa ba, sai a saƙo na biyu na rubuta "editin ne fa, wasa nake". Aka yi ta dariya, shi ma ya yi dariya, kowa ya kwanta.

Kwana huɗu bayan haka ya kira ni muryarsa tana rawa. Hoton ya isa wayar mai gidansa a wajen aiki. Da muka bi sawu sai muka gano ɗaya daga cikinmu ne ya tura wa ƙanwarsa don ta yi dariya, ita kuma ta ɗora a sitatus, wani da ya gani ya yi sikirinshot, daga nan ba mu ƙara sanin hannun da ya bi ba. Saƙona na biyu yana nan zaune a guruf inda na bar shi, hoton ne kaɗai ya yi tafiya. Aka dakatar da shi daga taɓa kuɗi sai da aka binciki lissafinsa kaf, ba a samu komai ba tunda bai ci komai ba, amma wallahi makonnin da ya yi ana kallonsa da wani ido ni na jawo masa, kuma ban da hanyar da zan biya shi.

To ga abin da ban gane ba a lokacin. Saƙon da ka rubuta daban bayan hoto, saƙo ne mai zaman kansa, duk wanda ya danna hoton ya yi fowadin to hoton kaɗai zai tafi. Ko da a akwatin rubutun da ke ƙarƙashin hoton ka rubuta, wanda ake kira kafshan, nan ma ba ka tsira ba. Gaskiya ne yanzu WhatsApp yana barin kafshan ya bi hoto in an yi fowadin, amma mai turawa yana iya goge shi da dannawa ɗaya kafin ya aika. In kuwa hoton ya sauka a galarin mutum ya ɗauko shi daga can ya tura, babu kafshan ko kaɗan, saboda rubutun ba a jikin hoton yake ba, a cikin hirar yake. Mai sikirinshot kuma yanke gefe yake yi ya bar abin da ya ba shi sha'awa. Hanya uku kenan da rubutunka zai faɗi a hanya, kuma babu ko ɗaya da take buƙatar mai mugun nufi, ƙanwar abokinmu ba ta nufi kowa da sharri ba.

Na tuna har gardama na yi da farko, na ce ai duk mai ido zai gane editin ne. Kuma a wayata da gaske ana ganewa. Ita manhajar tsakiyar fuska take sauyawa, daga goshi zuwa haɓa, amma gashi da kunne da wuya da hannu duk na mai hoton asali ne. Mutumin da ke kan gadon ya fi abokina haske, in ka buɗe hoton sosai za ka ga launin kumatu daban na wuya daban, ga wani dishi-dishi a layin muƙamuƙi inda fuskar ta haɗu da jikin, hasken ɗakin ma ta hagu yake zuwa amma inuwar hancin ba ta bi shi ba. Sai da ya turo min wanda ya isa wajen mai gidansa na gani da idona. Duk alamomin nan sun tafi. WhatsApp yana matse hoto in an loda shi, sikirinshot ya ƙara rage shi, aka sake lodawa aka sake matsewa, hoton gaba ɗaya ya zama dishi-dishi, sai wurin haɗin ya ɓace a cikin sauran. Wato hoton da ya sha hannu ya fi sabo kama da gaskiya. Kuma mai gidansa ba zama zai yi yana duba layin muƙamuƙi ba, fuskar kashiyarsa ya gani a gaban tarin kuɗi.

Na koma don in danna Delete for everyone, na tarar zaɓin ma babu, lokacinsa kwana biyu ne da ɗan wani abu kuma ya wuce. Ko da yana nan, abin da ke guruf kawai zai goge, ba zai shiga wayar wanda ya yi sikirinshot ba. Haka sitatus, kar ku ce ai awa 24 ne zai ɓace, daƙiƙa ɗaya ta isa a kwafe shi.

Yanzu in zan yi irin wannan wasan, a jikin hoton nake rubutawa kafin ya bar wayata. Shi kansa WhatsApp yana da alamar rubutu a sama lokacin da ka zaɓi hoto za ka tura, in ka danna ka rubuta, rubutun zai zama wani ɓangare na hoton, duk inda ya je da shi zai je. Amma nan ma sai da na sake yin kuskure kafin na gane. Na farko da na yi haka, a kusurwar ƙasa na sa rubutun da ƙananan baƙaƙe don kar ya ɓata hoton, wani ya ɗauka ya sa a furofayil, da'irar furofayil ta yanke kusurwoyi huɗun duka, rubutun ya tafi. Allah Ya sa wannan karon hoton ba mai cutarwa ba ne. Tun daga nan a ƙirji nake sa shi, daf da haɓa, har ya ɗan taɓa wuya, yadda duk wanda zai yanke rubutun sai ya yanke fuskar ma. Launin kuma wanda zai fita sosai, fari a kan tufa mai duhu, da girman da za a iya karantawa tun hoton yana ƙarami a cikin hira ba a buɗe shi ba. Eh yana rage kyan hoton, na sani, kuma na yarda da wannan asarar.

Sai kalmomin da za ka rubuta. "Wasa ne" kaɗai bai isa ba, don baƙon da bai san ku ba zai iya fahimtar cewa mutumin ne ya zauna gaban kuɗi ya ɗau hoto da wasa, wato hoton gaskiya ne, zaman ne na wasa. "Editin" ma bai isa ba, yanzu kowane hoto ana masa editin, ƙara haske ma editin ne. Fuskar dariya kuwa ba ta bayyana komai, mutane suna sa ta a kan abin da ya faru da gaske ma. Abin da ya kamata rubutun ya faɗa shi ne abin da aka sauya. Ni a jikin hoton nakan sa "AN SAUYA FUSKA, BA GASKIYA BA NE", gajere yadda zai shiga layi ɗaya ko biyu. A kafshan kuma sai in ƙara bayani, kamar haka: "Haɗi ne, fuskar abokinmu na ɗora a jikin wani da manhaja, bai taɓa zuwa wurin nan ba, da saninsa na yi, don Allah kar a fitar daga nan." Kuma ka fara da bayanin, tsokanar ta biyo baya, saboda in rubutu ya yi tsawo a Facebook ko Instagram layukan farko kaɗai ake nunawa sauran sai an danna, mutane kuwa ba sa dannawa.

Kun ga na ce da saninsa. Wannan shi ne abin da ya fi damuna in na tuna, ban tambaye shi ba. Na ɗauki fuskarsa na loda a manhajar da ban san inda take ajiye hotuna ba, na tura wa mutum takwas, shi ne na ƙarshe da ya gani. Dariyar da ya yi a guruf ba izini ba ce, wa zai so a ce ba ya ɗaukar wasa a gaban abokai? Yanzu shi kaɗai nake fara tura wa mai fuskar, in tambaye shi in sa a guruf ko in goge, in ya yi jim bai ba da amsa ba na san amsar kenan. Da na yi wa abokina haka a daren nan da shi zai tuna min cewa shi kashiya ne, abin da ni ban kawo a raina ba sam.

Akwai kuma hotunan da babu rubutun da zai wanke su, ko da ka cika hoton da shi. Mutum a hannun 'yan sanda, ko a gadon asibiti, ko tare da wata mace ko wani namiji a yanayin da zai jawo zargi, ko jikin da ba shi da sutura, ko duk abin da ya shafi amanar da aka ba shi a wajen aiki. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in rufe rubutun da babban yatsana in kalli abin da ya rage, in tambayi kaina in mahaifiyarsa ko matarsa ko mai gidansa suka ga wannan kaɗai me za su ɗauka. In amsar ta sa gabana ya faɗi, gogewa nake yi nan take ba na tura wa kowa, don akwai manhajojin da ke share rubutu daga jikin hoto ma, kuma wanda ya riga ya gani ya yarda ba lallai gyaran ya iske shi ba.

A lamarin abokina abin da ya taimaka shi ne ban goge hoton asali ba. Na je wajen aikinsa da kaina da hotuna uku a waya, na mutumin da ke kan gado, da na furofayil ɗin da na ɗauko fuskar, da wanda na haɗa, na jera su a gaban mai gidan na ce ni na yi. Ya daɗe yana kallon na farko da na ukun, gado ɗaya, zanin gado ɗaya, agogo ɗaya a hannu. Don haka in kun haɗa hoto ku ajiye na asalin, ku ajiye sikirinshot na saƙon farko mai ɗauke da rana da lokaci.

Mun ci gaba da abota, ya yafe min tun kafin in gama ba shi haƙuri. Amma ya cire hotonsa daga furofayil tun lokacin bai mayar ba, kuma watanni bayan an gama komai wani ɗan uwansa ya sake turo masa hoton nan, da alamar Forwarded many times a samansa, yana tambayarsa ko shi ne.