Idan an matsa wa yaronka a makaranta, kada a gane daga bakinsa maganar ta fito

Ina koyarwa a wata firamaren maza a Makka, kuma da yake ina jin Hausa, iyayenmu na Misfala da Hindawiyya da Shari'a Mansur sukan tare ni a bakin ƙofa ko bayan sallar isha'i da maganar 'ya'yansu. Abin da na gani a wannan aiki shi ne, yaron da ake zalunta yakan daɗe yana ɓoyewa, kuma ba kunya kaɗai ke hana shi magana ba. Ya yi lissafinsa. Ya san idan ya faɗa, babansa zai zo makaranta rai a ɓace, a kira wancan yaron a gabansa, a yi faɗa, a watse, gobe kuma shi kaɗai zai shiga ajin, ga sabon suna na mai kai ƙara. Yawancin taimakon da ke ƙara dagula lamari ta nan yake ɓaci: babba ya huce, yaro ya biya.

Kafin a ɗaga murya, sai a tabbatar da me ake ciki. Dan Olweus, masanin da ya fara nazarin wannan matsala a makarantun Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, ya ba da alamu uku da har yau ake aiki da su: ana yi da gangan, ana maimaitawa, kuma ƙarfi bai zo ɗaya ba. Ƙarfin ba lallai na damtse ba ne. Yana iya zama yawan abokai, ko kaifin baki da Larabci, ko kuma sanin cewa uban wannan ɗan ƙasa ne, uban wancan kuwa da iƙama, wato takardar izinin zama, yake zaune kuma ba ya son abin da zai kai shi ofis. Yara biyu tsara da suka dambace kan ƙwallo faɗa suka yi, sulhu ya ishe su. Idan alamun nan uku sun haɗu kuwa, sulhu ba maganinsa ba ne.

A nan nake samun saɓani da dattawanmu, kuma ina girmama su. Mun tashi a kan cewa sulhu alheri ne, haka yake kuwa. Amma ku dubi yadda ake yinsa a ofishin makaranta. A zaunar da yaro mai shekara goma a gaban wanda yake tsoro, a ce ya maimaita abin da aka yi masa. Ko ya yi shiru, ko ya rage, ko ya fashe da kuka, wanda shi ne abin da za a kwana ana kwaikwayo a aji. Sai a ce su gaisa, kowa ya yafe wa kowa, kamar kowa na da laifi. Mai zaluncin ya fita da abu biyu: ya san wanda ya tona shi, ya kuma san iyakar hukuncin musabaha ce.

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da na bi maganarsa daga farko har ƙarshe. Kullum mahaifiyarsa takan ba shi riyal biyar na maƙsaf, wato kantin makaranta, amma ya dawo gida da yunwa kamar bai karya ba. Sai ciwon ciki ya fara kama shi kowace Asabar da dare, tunda Lahadi ake komawa karatu. Ranar Juma'a kuwa lafiyarsa ƙalau. Uwar ce ta haɗa wannan da wancan. Ba ta tsare shi da tambaya ba. Ta bari suna naɗe kayan wanki, ba ya kallon idonta, ta ce, “Wa kake zama da shi lokacin fus'ha?” Fus'ha ita ce hutun da ake ba su a tsakiyar karatu. Ya ce ba kowa. Ta ce, “A ina kake tsayawa?” Ya ce kusa da ofishin wakili, wato mataimakin shugaban makaranta. Yaron da ya zaɓi ƙofar ofis a lokacin wasa ya riga ya gaya maka komai. Daga nan maganar ta fito da kaɗan-kaɗan: yara uku ne, ɗaya ke ja gaba, suna tare shi a lungun da ke tsakanin matakala da banɗaki, su karɓe kuɗin, su kira shi da sunan nan da ake jifan baƙar fata da shi a garin nan, saura kuma na dariya.

Uban ya same ni a masallaci yana huci. Ya ce, “Malam, gobe zan je in ga uban yaron nan, kuma na gaya wa nawa duk wanda ya taɓa shi ya rama.”

Na ce, “Alhaji, ka ba ni kwana uku kafin ka taka ƙofar kowa. Maganar ramuwa kuma ka janye ta yau da dare.”

Na san “ka rama” daga ƙauna take fitowa, amma ga yadda take ƙarewa. Mai zalunci ya ƙware wajen zaɓar lokacin da ba malami, wanda aka zalunta kuwa yakan fashe ne lokacin da ya kasa jurewa, sau da yawa a gaban kowa. Duka na biyu shi malami ke gani. Sai a rubuta su biyun a matsayin masu faɗa, a sa su sa hannu a takardar alkawari, a rage wa kowa makin ɗabi'a, kuma daga ranar maganar ta tashi daga zalunci ta koma rigimar yara. Idan kuma ya kasa ramawa, ga tsoron makaranta ga kunyar babansa. Turo yayansa ya jira a bakin ƙofa ya fi wannan muni, domin wancan ma yana da yayye, kuma cikin mako guda abin ya zama na unguwa da unguwa. Babban da ya ɗora hannu a kan ɗan wani kuwa, maganarsa ta bar makaranta ta koma wajen 'yan sanda.

Abin da muka yi a kwana ukun nan ba shi da yawa. Uwar ta zauna da yaron suka rubuta abin da ya faru a takarda ɗaya: rana, wuri, abin da aka faɗa da kalmominsa, abin da aka karɓa, da waɗanda ke tsaye. Aka gaya masa gaskiya cewa ba za a iya riƙe wannan a matsayin sirri ba, amma ba za a yi komai a bayan idonsa ba, kuma ba za a haɗa shi fuska da fuska da su ba. Aka tambaye shi wane malami ya fi yarda da shi. Wannan tambayar tana da nauyi, domin yaron da aka ƙwace wa iko a makaranta bai kamata a sake ƙwace masa a gida ba.

Sannan uban ya je shi kaɗai, bayan an shiga aji, ya ga muwajjihin ɗalibai, wato mai ba su shawara, wanda a da ake kira murshidi. Shi ne mai wannan aiki a makarantun Saudiyya, tare da wakilin harkokin ɗalibai, kuma Ma'aikatar Ilimi tana da ƙa'idojin ɗabi'a da halartar makaranta da suka haɗa da tanammur, sunan da ake kiran wannan zalunci da shi a takardunsu, ga kuma shirin Rifƙ na rage tashin hankali a makarantu. Na shawarci uban ya bar maganar a hukunta wane, ya nemi abu uku: a sa babba a lungun nan lokacin fus'ha, a yi magana da yaran uku ɗaya bayan ɗaya ba a tare ba, kuma a sa ranar da zai dawo a duba. Ya bar kwafin takardar a ofis. Ƙorafin baki yakan bi iska, na takarda kuwa sai an amsa shi.

Washegari malamin da ke tsaron fus'ha ya tsaya a saman matakala, ya ga an karɓi kuɗin da idonsa. Wannan shi ne ginshiƙin komai. Da aka kira jagoran, ba a ce masa “wane ya ce” ba, aka ce “an gan ka.” Ba wanda zai huce a kansa. Aka kira sauran biyun a cikin darasi ɗaya, kafin su haɗa baki, aka tambayi kowanne me zai yi daga yau. Makaranta ce ta kira iyayensu, ba Alhaji ba. Uban da maƙwabci ya zo masa da ƙarar ɗansa yakan kare ɗan, wanda makaranta ta kira kuwa yakan saurara.

Sauran aikin yana hannun masu kallo. Wani bincike da aka yi a filayen wasan firamare a Toronto ta Kanada, aka wallafa a 2001, ya nuna cewa idan wani yaro ya sa baki, zaluncin yakan tsaya cikin daƙiƙa goma a fiye da rabin lokuta. Ban tara ajin na yi musu wa'azi ba, domin duk idanu kan yaron za su koma. Na kira yara biyu masu natsuwa da ake jin maganarsu, na roƙe su su riƙa jan shi zuwa layin maƙsaf tare da su.

Kada iyaye su ɗauka shiru na nufin an gama. Sau da yawa abin wuri yake canjawa, ya koma motar makaranta, ko hanyar gida, ko WhatsApp da wasannin waya. Shi ya sa ake komawa bayan mako ɗaya, a sake komawa bayan biyu, kuma tambayar ba “lafiya dai ko?” ba ce, domin amsarta a shirye take. A tambaye shi da wa ya ci abinci, a duba ko ciwon daren Asabar ya tafi. A wajen yaron nan, kuɗin ya tsira tun makon farko, amma sunan bai mutu ba sai da aka sake kiran jagoran tare da mahaifinsa. Idan abin ya koma waya, a ɗauki hoton saƙonnin a kai makaranta, kada a watsa su a zauren iyaye, kada kuma a sa hoton ɗan wani. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 a kan ɓata suna ta waya, kuma ba ta ware wanda aka fara zalunta ba.

Duk wannan bi-a-hankali yana da iyaka. Idan akwai rauni a jiki, ko makami, ko an taɓa yaro a inda bai dace ba, ko ya fara cewa gara ya mutu, ba a jiran kwana uku. Ranar za a kai shi asibiti a karɓi takardar likita, a ga shugaban makaranta, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Idan makaranta ta yi biris, akwai ofishin ilimi na yanki, akwai kuma layin taimakon yara, 116111, wanda iyaye da yaran kansu za su iya kira. Canja makaranta kuwa ina ajiye shi a ƙarshe, sai an gwada waɗannan an ga ba su yi ba, kuma sai an shawarci yaron, don kada ya ɗauka shi aka kora.