Sakan talatin da suka ja mini faɗa a gaban tela

Jiya na miƙa makullin ɗakin tace hoto, bayan shekara biyu ina rubuta tallace-tallace a wurin. Aikin da ya fi tsaya mini a rai ba na wani babban kamfani ba ne, na wani ƙaramin shagon ɗinki ne mai keke uku a wani lungu, wanda ya tara kuɗinsa don a saka masa talla ta sakan talatin kafin ƙaramar Sallah.

Na rubuta kalma 68. Oga ya karɓa ya ce tela ya biya kuɗi, dole a ambaci duk abin da yake ɗinkawa: babbar riga, kaftani, jamfa, ɗinkin mata, kayan makaranta, har lambar waya a karanta sau biyu. Rubutun ya koma kalma 110. Laifina a nan shi ne na karanta a zuci na ga kamar zai shiga, ban ɗauki agogo na karanta da baki ba. Da mai murya ya shiga ya karanta, sai ga sakan 47.

Hausa ba ta son gaggawa. Mai karatu a natse yana yin kalma biyu zuwa biyu da rabi a sakan ɗaya, kuma idan ka matsa masa, dogayen wasula su ne farkon mutuwa. Lambar waya kaɗai, alƙaluma goma sha ɗaya, tana cin wajen sakan shida. Oga ya sa aka ƙara wa muryar gudu a kwamfuta, ta koma kamar ta mai tallar maganin gargajiya a tasha, abin da ya rage kuma aka datse daga ƙarshe. A ƙarshen nan kwatancen shagon yake. Kwana huɗu tallar tana fita ba wanda ya san inda zai je.

Da telan ya zo ƙorafi, oga ya nuna ni ya ce, "Yaron nan ne bai iya lissafi ba." Ban ce uffan ba. Takardar da ya yi wa ƙari da jan biro tana cikin jakata har yau.

Daren nan na sake rubutawa, agogon waya a gefe. Na jefar da jerin kaya gaba ɗaya, na riƙe abu guda da kowa ke tsoro a wurin tela, wato saɓa alkawari.

Sakan huɗun farko babu magana. Kyamara ta matso kan hannu yana jan alli a kan shuɗiyar shadda, sai ƙarar almakashi. Daga nan zuwa sakan 14, an ja baya kaɗan, tela yana ɗora tef a kafaɗar wanda ya kawo ɗinki.

Mai kawo ɗinki: "Malam, kar fa a yi irin ta bara. Da tsohuwar riga na je Idi."

Tela: "Alhaji, ba a nan ba dai. Laraba bayan La'asar ka zo ka ɗauka."

Sakan 14 zuwa 20 hotuna uku gajeru, kowanne sakan biyu: allura tana bin aikin wuya, dutsen guga yana hucin tururi, hannu yana ninke riga a leda. Murya ta ce, "Awo daidai, ɗinki tsaf, rana ba ta tashi." Sakan 20 zuwa 23, Alhaji a gaban madubi yana gyara hula, ya ce, "To, madalla." Sakan bakwai na ƙarshe kyamara ba ta motsi: ƙofar shago da allonsa, murya ta faɗi suna da kwatance a hankali, ta maimaita sunan. Lambar waya a rubuce take a ƙasan hoto tun daga sakan 20, ba wanda ya karanta ta. Duka-duka maganar ba ta kai kalma 55 ba, kuma ta tsaya a sakan 29.

Kafin mu ɗauka na je na tambayi telan, "Baba, maganar Larabar nan, za ka iya?" Ya yi shiru, ya ce a cire tallar saura kwana goma Sallah, don daga nan ba ya karɓar sabon ɗinki. Haka aka yi.

Sauran abubuwan a wurin ɗauka na koye su. Farar shadda tana ƙyalli ta cinye aikin wuya a kyamara, mai launi ta fi. Yadi mai siraran layuka yana rawa a talabijin. Janareta kuwa a kashe shi kafin a ɗauki magana, ko da za a roƙi maƙwabta.

Wannan ta biyun ita ce oga yake nuna wa sababbin masu kawo talla, yana cewa irin aikinmu ke nan. Sau biyu ya kunna ta ina tsaye a wurin, ni ke riƙe da wayar lasifika.