Dabinon Gabas: Abin da Na Jiyo a Njamena

Shekaranjiya na dawo Kano daga Njamena, har yanzu kuma waƙar wata tsohuwa ba ta bar kunnena ba. Daga Maiduguri muka bi ta Gamboru da Fotokol zuwa Kuseri. A wani shinge jami'i ya jefo mini takarduna ƙasa don ban iya Faransanci ba, na sunkuya na tsince su, muka wuce muka haye gadar Ngeli muka shiga Njamena.

Kasuwarsu ta ruɗa ni, domin da riyal suke ciniki, kowane riyal kuwa sefa biyar ne. Mai bandar kifi ta ce riyal 200, na miƙa mata sefa 200 ina murna, ashe jaka guda take nufi, wato sefa 1,000. Duk da haka kifin ya fi na Kano araha da daɗi.

Masaukina gidan wata dattijuwa Bahaushiya ne, wadda ta hana ni sayen ko ruwan sha. Da daddare jikarta, 'yar shekara 14, tana jijjiga ƙaninta da wata tsohuwar waƙar reno, wadda ke cewa yaro ya yi shiru, babansa ya tafi gabas, zai kawo masa dabino ranar da tulu ya cika. Sai ta tsaya ta ce, “Kaka, wane irin tulu ne wannan da ba ya cika?”

Tsohuwar ta ce, “Kishiyata, ai ba tulun ruwa ba ne. Gabas ɗin nan Makka ce. Iyayenmu da ƙafa suka baro ƙasar Hausa, suka yada zango a nan tun garin yana Fort-Lamy. Maza kan bar mata da goyo su bi ta Abeshe da Adre su shiga Sudan, su tsaya tsintar auduga a Jazira don neman guzuri. Wani sai ya shekara bakwai, wani kuma ba a sake jin ɗuriyarsa.”

Yarinyar ta ce, “To, tulun fa?”

“Hawayen uwar ne. Kunya ba ta barin mace ta ambaci sunan mijinta, balle ta ce tana begensa a gaban surukai, sai ta faɗa wa jariri, wanda ba zai kai ƙararta ba. Shi ya sa ake sassauta murya a baitin nan, ke kuwa kina rera shi kamar waƙar gaɗa.”

Yarinyar ta sake rerawa a hankali, tsohuwar ta kau da kai. Daga baya ta gaya mini cewa nata mahaifin yana cikin waɗanda ba su dawo ba. A ganina mu a gida mun yi sakaci, muna rera irin waɗannan waƙoƙi ba mu tambayar tsofaffi.

Na kwana biyu a Kuseri, ɗaya a Maiduguri. Dabinon da ta ƙulla mini a gefen zane ban taɓa shi ba tukuna.