Talabijin ɗin Yaya da sabuwar kabad

Asabar. Na so in kwana biyu ban taɓa komai na gyara ba, sai ga kiran Yaya tun da hantsi: talabijin ɗinsa na kashe kansa, in zo in raka shi a mayar wa masu shi.

Ina shiga falo na ga kabad ɗin da ake ta ba ni labari. Kafintan ya iya aiki, ba ƙarya. Ya yanka ramin daidai jikin talabijin mai inci 55, har sai ka ɗauka tare aka ƙera su. Na gwada zura yatsa ta gefe, da ƙyar ya shiga. Ta sama kuwa katako ne zaune kusan a kansa. Baya a rufe ruf, in ban da 'yar huda ɗaya da aka fitar da wayoyi.

Na ce, "Yaya, yaushe yake mutuwa?"

Ya ce in an kunna da safe lafiya lau, sai an yi kamar awa ɗaya da rabi ana kallo ya ɗauke. In aka sake kunnawa nan take, ko minti ashirin ba ya yi. Amma in an bar shi ya kwana, gobe garau.

Wannan bayanin ma ya isa. Da `Sleep Timer` ne ko `Auto Power Off`, kowane karo lokaci ɗaya zai riƙa ɗauka, kuma yakan rubuta gargaɗi a fuska kafin ya kashe. Da wuta ce ke rawa, ba ruwanta da ko ya huce ko yana da ɗumi. Wanda ke daɗewa in ya huce, ya yi saurin mutuwa in yana da ɗumi, zafi ne. Na sa tafin hannu a katakon saman, ta wajen tsakiya, na ji shi kamar murfin mota da ta wuni a rana.

Nan gardama ta tashi. Yaya ya ce ai gaban a buɗe yake, ga fankar sama na kaɗawa, wace iska kuma ake nema? Na juyo masa bayan talabijin ɗin na nuna masa layukan hudoji, wasu a ƙasa, wasu a sama. Yawancin irin waɗannan ba su da fanka a ciki. Iska mai sanyi ce ke shiga ta ƙasa, ta bi ta kan allon wuta da fitilun da ke haska fuskar, ta ɗau zafi, ta fice ta sama. In katako ya tare saman, iskar da ta fito ba ta da wurin zuwa, sai ta taru a baya ta sake komawa ciki. Fankar falo fuskar kawai take fifitawa. Littafin da ya zo da shi, wanda Anti ta lalubo a ƙasan durowa, ya ce a bar santimita 10 ta kowane gefe, kuma kada zafin wurin ya wuce digiri 40. Mun sa tef, gefe santimita ɗaya da rabi. Ga dikoda an ajiye ta a ƙasansa daidai bakin hudojin, tana hura masa nata zafin.

Muka sauke shi kan tebur a tsakiyar falo. Har bayan la'asar yana aiki, bai ko ƙifta ba.

Abin da na ce a yi: a yanke dogon tsagi a katakon baya ta ƙasa, a yanke wani ta can sama, don huda ɗaya ba ta sa iska tafiya, sai da mashiga da mafita. A ɗaga katakon saman. Dikoda ta koma wani gida a kabad ɗin. In har yanzu da ɗumi, a ɗaura 'yar fankar USB a tsagin sama tana busawa waje, a kuma rage `Backlight`, don fitilun nan su ne manyan masu jawo zafin. Ko kuma a rataye shi a bango, amma da ƙarfen da ke barin tazara, ba wanda ke manna shi jikin bangon ba, kuma kada labule ya sauko kan hudojin.

Yaya ya yi shiru, ya shafa katakon, ya ce, "Yanzu wannan za a yanka?"

Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Shi yana ganin tunda talabijin na dawowa bayan ya huce, ba abin da ya same shi. Alhali kowace mutuwa ɗaya, sai da kayan cikin suka gasu tukuna, kuma zafi na rage wa kafasito, 'yan gwangwanayen da ke riƙe wuta a kan allon, kwana. Wata rana za a danna rimot a ga 'yar jar fitila kawai.

 

Anti ta turo saƙo da daddare, wai an mayar da shi cikin kabad saboda baƙi, amma Yaya ya ce zai kira kafintan ranar Litinin.